Kafin ku zargi mai haɗa kyamara, ku duba adireshin da kamfanin intanet ya ba ku

Ƙorafi ɗaya yana yawan zuwa ofishin ƙungiya daga masu shaguna da rumbunan ajiya a nan Legas. Mutum ya kashe kuɗi an kafa masa kyamarorin tsaro, yana cikin shago yana ganin komai a wayarsa, amma da ya tafi Arewa hutun Sallah sai hoto ya ƙi buɗewa. Daga nan sai a ce yaron da ya yi aikin ya ci amana, ko ya sa kayan jabu. Ra'ayinmu shi ne, sau da yawa yaron bai yi ha'inci ba, kayan ma lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana wajen kamfanin intanet, kuma ana iya gano ta cikin minti biyar kafin a biya ko sisi.

Duk na'urar da ake son a same ta daga nesa tana buƙatar adireshin da duniya ke gani. Tsohon tsarin adireshi, wato IPv4, yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babbar ma'ajiyarsa ta duniya ta ƙare tun watan Fabrairun 2011. Da adireshi ya yi ƙaranci, kamfanoni da yawa, musamman masu ba da intanet ta layin waya, sai suka koma tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi guda. Sunan wannan tsari CGNAT. Ku riƙe sunan, domin da shi za ku yi magana da kamfanin.

Abin ya yi kama da gidan haya mai ɗakuna da yawa, ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya. Idan ɗan haya ya aiki yaro kasuwa, mai gadi zai rubuta daga ɗakin da aka fita, saboda haka in saƙo ya dawo ya san inda zai kai shi. Shi ya sa WhatsApp da YouTube suke aiki lafiya: kai ne ka fara aikawa, amsa ce take dawowa. Amma idan baƙo ya zo da lambar gida kawai, ba wanda ya aika a kira shi, mai gadi ba shi da abin dubawa a littafinsa, sai ya sallame shi. Wayarka da ke neman kyamara daga Kano ita ce wannan baƙon.

Mu ɗauki misali. Na'urar naɗar hoton shagon tana da adireshin cikin gida `192.168.1.50`. Mai aiki ya shiga rauta, ya buɗe `Port Forwarding`, ya ce duk abin da ya zo ta ƙofa mai lamba `8000` a miƙa shi ga na'urar. Ya kuma saita `DDNS` don a riƙa kiran shagon da suna maimakon lamba. Duk wannan daidai ne. Sai dai adireshin da kamfani ya ba rautar shi ne `100.72.14.9`, alhali wanda duniya ke gani, a ce, `203.0.113.25` ne, kuma ana raba shi da wasu kwastomomi. Wayar mai shago za ta ƙwanƙwasa wancan adireshi na biyu, wanda yake kan na'urar kamfani. Na'urar ba ta da umarnin miƙa ƙofar `8000` ga kowa, sai ta watsar da saƙon. Ƙofar da mai aiki ya buɗe ta ɗaki ce, baƙon kuwa ko zaure bai wuce ba. A cikin shago kuma hoto yana fitowa ne domin waya da na'urar suna kan rauta ɗaya, saƙon bai fita waje ba.

Ga yadda za a gane. A haɗa waya da wayifai na shagon, a kashe datar wayar. A shiga shafin rautar a nemi inda aka rubuta `WAN IP`, a rubuta lambar. Sannan a buɗe Google a rubuta `what is my ip`, a kwatanta. Idan lambobin biyu iri ɗaya ne, kuna da adireshin da duniya ke gani, sai a nemi matsalar a wajen saiti. Idan sun bambanta, kuma ta rautar ta faɗo tsakanin `100.64.0.0` da `100.127.255.255`, to kuna bayan CGNAT, domin tun 2012 aka keɓe wannan zangon don wannan aiki. Wasu kamfanonin suna amfani da lambobi masu farawa da `10.` a maimakonsa. Idan kuwa lambar ta fara da `192.168.`, a duba ko an jona rauta a kan wata rautar a cikin shagon, domin wannan ana gyara shi a gida.

Wanda gwaji ya nuna masa yana bayan CGNAT, kada ya sayi sabuwar rauta, kada ya canja kyamara. Ko wace iri ya saya, mai gadin nan yana nan daram. Hanyoyin fita na gaske uku ne.

Ta farko, a nemi kamfani ya ba da adireshi na kai, a ce musu ana son `public IP`. Wasu suna bayarwa da ƙarin kuɗi, galibi a tsarin 'yan kasuwa, wasu kuma ba sa bayarwa a layin waya sam. Wanda ya samu ya sani cewa ƙofarsa ta buɗe ga kowa, har ɓarayin intanet, don haka dole ya sa kalmar sirri mai ƙarfi.

Ta biyu, a bar na'urar ita ta fara fita. Yawancin na'urorin naɗar hoto na yanzu suna da saitin `P2P` ko `Cloud`, inda na'urar ke kiran sabar kamfanin da ya ƙera ta, wayarka ma ta kira can, a haɗa ku. Tun da daga ciki aka fara, mai gadi ya rubuta a littafi. Ga mai shago ɗaya wannan ta fi sauƙi. Illarta ita ce hoto kan yi jinkiri idan ya bi ta sabar, kuma ranar da sabar ta tsaya kai ma ka tsaya.

Ta uku ta dace da mai son shiga kwamfutar lissafin shago daga nesa: manhaja irin Tailscale ko ZeroTier, wadda ake sa wa a kwamfutar da kuma wayar. Ita ma daga ciki take fita. Sharaɗinta shi ne kwamfutar da rautar su zauna a kunne, don haka sai an tanadi batir saboda ɗaukewar wuta.

Wani zai ce ai kamfanonin ba su da laifi tun da adireshi ya ƙare. Gaskiya ne ba su suka jawo ƙarancin ba, kuma ga mai kallon bidiyo da hira tsarin bai rage masa komai ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayar wa ɗan kasuwa layi ba tare da an gaya masa ba za a iya shigowa ta kansa daga waje ba. Layi ɗaya a takardar saye ya isa. Maganin dindindin kuma shi ne sabon tsarin IPv6, wanda adireshinsa ya wadaci kowa, amma sai layin shago da layin wayar da ke hannunka duk suna da shi kafin ya yi amfani.

Matasanmu masu wannan sana'a su ma akwai nasu. Gwajin nan a yi shi kafin a yi ciniki, a gaya wa mai shago sakamakon ƙarara. Ranar miƙa aiki kuma a kashe wayifai a wayar mai shago, a buɗe hoton da data a gabansa. In ya fito a haka, zai fito a Kano ko Sakkwato. Masu shaguna, ku riƙe cikon kuɗin aiki har sai an yi wannan gwaji a idonku, wanda kuma ya riga ya shiga saɓani da mai aikinsa, ya kawo lambobin nan biyu ofis mu duba tare kafin magana ta yi nisa.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ƙara mana haɗin kai.

Sakataren ƙungiya