A Bar wa Dila Sunansa

Masu shirya wa yaran Nima da Maamobi littafin dabbobi mai hotuna, muna ganin ku tsaya kan sunaye masu gaɓa biyu: Gizo, Dila, Zomo, Kura. Ɗan zango da Turanci yake fara karatun boko, harshensa kuma bai cika rarrabe ka da ƙa ba. In ya riƙa cin karo da Ƙadangare a kowane shafi, tuntuɓe zai yi ta yi har ya ajiye littafin. Ƙoƙi kam mun yi mata uzuri; matar Gizo ce, ko an ce Koki an gane ta.

Amma kada neman sauƙi ya kai a raɗa wa jaki Musa ko Isa. Sunayen annabawa ne, dattawanmu ba za su bar littafin ya kwana a gidajensu ba.