Kulob ɗin da ba ya iya yin asara ba ya koya wa yaro komai

Wannan rubutun na ku ne, masu shirin fita koyarwar gwaji da masu jiran kiran bautar ƙasa, da ma waɗanda suka san ko sun ƙi ko sun so aji ne zai fara karɓarsu bayan digiri. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri.

Duk lokacin da aka tada maganar wane kulob malamin sakandare zai buɗe wa yara su koyi abin hannu, amsar da nake ji a tsakaninmu ba ta wuce biyu. Ko dai a ce a farfaɗo da kulob ɗin muhawara da na 'yan jarida, ko kuma a ce a gayyato wata hajiya ta zo ranar Asabar ta haɗa sabulun ruwa a bokiti, yara su tsaya suna kallo, a ɗauki hoto, a raba satifiket. Muhawara ba ni da faɗa da ita, tana buɗe bakin yaro, amma ba ita aka tambaya ba. Faɗana da na biyun ne. Wallahi wannan taron yini ɗaya da muke kira koyon sana'a yaudara ce. Yaron bai sayo kayan ba, bai san nawa aka kashe ba, bai sayar ba, kuma ko sabulun ya tsinke babu abin da ya yi ciwo a jikinsa. Ran Litinin ka tambaye shi me aka fara zubawa, ka ji abin mamaki.

Ni ma'aunina ɗaya ne. Idan aikin kulob ba zai iya lalacewa a hannun yara ba, har su ga lalacewar da idonsu su lissafa ta da naira, to ba su ne ke yin aikin ba. Shi ya sa nake cewa duk wanda aka tura makarantar da ke da ɗaki ɗaya da ba a amfani da shi, ya buɗe kulob ɗin kiwon kajin nama, wato burela, tsaki hamsin kacal.

Na san me wasu za su ce: mun baro Katsina da Gombe mun zo har Kudu karatu don mu koma share kashin kaji? To ku da kuke nan Ibadan ku buɗe ido. Garin nan cibiyar ƙyanƙyasar tsaki ce a ƙasar nan, kuma da yawa daga kwalayen tsakin da ake saukewa a garuruwanmu daga nan ake loda su. Mu ne masu masarar da ake haɗa abincin, mu ne masu waken suya, amma idan aka zo sanin aikin sai mu tsaya muna kallo. Me ya hana ɗan aji huɗu a Funtuwa ya san abin da sa'ansa na nan ya sani?

Dalilin da na zaɓi burela a kan kajin ƙwai ko kifi shi ne lokaci. Zangon karatu wajen mako goma sha uku ne. Burela tana isa sayarwa a mako shida zuwa takwas. Ke nan mako biyu na shiri, bakwai na kiwo, sauran na sayarwa da lissafi, duk cikin zango ɗaya, kafin mai koyarwar gwaji ya tattara ya koma makaranta. Kazar ƙwai kuwa sai ta kai wajen wata biyar kafin ta fara saka, hutu zai same ka da su a hannu. Amma a zaɓi zangon da hankali. Wanda ya zuba burela a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afirilu, lokacin da suka yi nauyi zafi zai riƙa kashe masa manyan da rana tsaka. Zangon farko, daga Satumba, ya fi sauƙi, ga shi kuma ana neman kaji ƙarshen shekara.

Makon farko shi ne makarantar gaba ɗaya. Tsakon kwana ɗaya ba ya iya ɗumama kansa, yana buƙatar zafi wajen digiri 32 zuwa 34 a inda yake tsaye, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. A shimfiɗa dusar katako busasshiya mai kauri, a kewaye da kwali, a kunna kaskon gawayi tun kafin su iso, kuma gawayin ya gama kamawa a waje kafin a shigo da shi. Kada a toshe ɗakin ruf, hayaƙin gawayi yana kashe tsaki kamar yadda yake kashe mutum. Ko babu ma'aunin zafi, tsakin da kansu za su gaya wa yara komai. In sun cure wuri ɗaya kusa da wuta suna kuka, sanyi suke ji, kuma na ƙasa za su mutu da danniya. In sun gudu jikin kwali suna buɗe baki, zafi ya yi yawa. In sun taru gefe ɗaya kawai, iska ce ke shigowa ta wani wuri. In sun bazu suna ci suna sha, an dace. Yarinyar da ta iya shiga ɗaki ta karanta wannan cikin minti ɗaya ta koyi lura, kuma ban san darasin allo da ke koyar da ita haka ba.

Washegarin isowarsu a sa yara su ɗauki tsaki goma su taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyansu. In ta cika kuma da laushi, sun samu abinci da ruwa. In ta yi tauri, sun ci amma ba su sha ba, a duba mazubin ruwan. In babu komai, akwai matsala tun yau, kada a jira gobe. Ranar kwana bakwai a ɗora su a sikeli. Tsako yana zuwa da nauyin giram 40 ko kusa da haka, kuma ya kamata ya ninka sau huɗu a mako ɗaya. Idan an samu giram 100, wani abu ya kuskure a ɗumi ko a abinci, sai a zauna da littafin kulob a nemo shi.

Sai riga-kafi, inda masu kiwon bayan gida suka fi faɗuwa. Biyu ne ba a wasa da su: Lasota na ciwon Niyukasul, wanda ke share kajin gida lokacin hunturu, da Gumboro. Ranakun bayarwa ku karɓa daga likitan dabbobi ko wurin da kuka sayi tsakin, don tsarin yana ɗan bambanta. Abin da nake so ku riƙe shi ne maganin nan rayayye ne, zafi yana kashe shi. A ɗauko shi cikin fulas da ƙanƙara. A janye wa kajin ruwa na awa ɗaya zuwa biyu da sassafe don su ji ƙishi. A haɗa da ruwan da babu kulorin, a ɗan sa madarar gari, su shanye cikin awa biyu, abin da ya rage a zubar. Wanda ya sako kwalbar a aljihu ya hau acaɓa da rana, ruwa kawai ya ba kajinsa.

Kuma a tuna yaran nan kusan kowa akwai kaji a gidansu, ciwo a takalmi yake zuwa. A ajiye silifas biyu na ɗakin kaɗai, da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa. 'Yan kallo ta taga. Idan shimfiɗa ta jiƙe a gindin mazubin ruwa a kwashe nan take, don daga nan ake samun ciwon da ke sa su kashin jini.

Yanzu lissafi, wanda shi ne ya bambanta kulob ɗin nan da wasan yara. Farashi yana canzawa kullum, don haka waɗannan kuɗin misali ne, ku sa na kasuwarku. A ce tsaki 50 a kan naira 1,000 kowanne, 50,000 ke nan. Kowace kaza za ta ci wajen kilo huɗu da rabi kafin mako bakwai, wato buhu 9 masu kilo 25. A ce buhu 20,000, ya zama 180,000. Gawayi da riga-kafi da dusa a ce 20,000. Jimla 250,000. Uku sun mutu, saura 47. Ka ba yara alli su raba, za su samu kusan 5,320 a kan kowace kaza. Sai malamin lissafi ya leƙo ya ce a ba shi biyu a dubu biyar-biyar tunda na makaranta ne, ka ga ma'ajin kulob, yarinya 'yar shekara goma sha biyar, ta ce, “Malam, a haka mun faɗi.” Wannan jimlar ita nake nema, ba satifiket ba.

A nan ne kuma za su gane abin da ya sa ba a riƙe burela. Kilo 225 na abinci ya ba su kaji 47 masu kilo 2.4, wato kusan kilo biyu na abinci a kan kowane kilo na kaza. Bayan mako bakwai cin yana ƙaruwa, girman yana raguwa, duk kwanan da aka ƙara ana jiran mai saye riba ce ke tafiya. Don haka neman masu saye tun mako na huɗu ake farawa.

Akwai ƙorafi biyu da na yarda suna da nauyi. Na farko jari, don babu ɗan bautar ƙasa da zai ciro wannan kuɗin daga alawus. To a fara da 25. A je wa firinsifal da ƙungiyar iyaye da malamai da lissafin a rubuce, a kuma nemi malamai su biya rabin kuɗin kazarsu tun farko. Kada a karɓi ko sisi daga hannun yara, kuma kada kuɗin ya kwana a aljihunka. Ma'aji yaro, littafi a fili, kuɗi a ofis. Na biyu, kaza ba ta san Asabar da Lahadi ba, ba ta san yajin aiki ba. A makarantar kwana wannan da sauƙi. A ta jeka-ka-dawo dole a tsara yaran da ke kusa, biyu-biyu, da izinin iyayensu a rubuce, a kuma shigo da maigadi cikin maganar tun ranar farko, da kazarsa guda a ƙarshe. Daren makon farko kuwa naka ne kai malam, ba a barin yaro da wutar gawayi. In ka san duk Juma'a kana kan hanyar gida, kar ka fara, ka nemi malamin aikin gona na makarantar ku raba kwanakin, don shi ne ma zai riƙe kulob ɗin bayan ka tafi.

Masu sabulun ranar Asabar, ina jiran ku a ƙasa. Ku kawo mini littafin lissafin yaro ɗaya da ya fito daga taronku, mu ajiye kusa da wannan.