Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗinkin Hula Da Masu Sayar Da Ita

Iyayena da 'yan'uwana masu sana'ar hula, na Kasuwar Kurmi a Kano da na Maiduguri da duk inda ake zare da allura.

Dalilin wannan takarda shi ne cinikin nesa. A da mai saye yakan tsaya a gaban rumfa, ya ɗora hula biyar ko shida a kansa, ya duba madubi, ya zaɓi wadda ta zauna. Yau mutum yana Maraɗi ko Kumasi yana ganin hoto a waya, ya turo kuɗi, a ba direba saƙo. Bayanin da kuka yi masa shi ne idonsa da hannunsa. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta shi, kuma idan kaya suka zo saɓanin siffar, yana da ikon mayarwa. To, "mai kyau ce, ta manya, aikin Bama" yabo ne kawai, babu siffa a cikinsa.

Mu fara da lamba, domin nan ne rigima ta fi yawa. Lambar hula ita ce kewayen bakinta da inci: 21, 22, 22 da rabi, 23, har sama. Rabin inci ya ɗan wuce santimita ɗaya, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa hula ta matse goshi har ta bar shaida, ko ta riƙa saukowa kan kunne. Kada ku dogara da lambar da aka rubuta da biro a cikin hula tun kafin wanki. Mai wanki yana jiƙa ta da sitati, ya ɗora ta a kan icen da ake busar da ita, kuma girman icen nan take ɗauka. Hular da aka ɗinka 22 aka tilasta ta a icen 22 da rabi za ta fito tana kama da babba, amma da ta sha gumi ko ta koma wanki sai ta nemi asalinta. Saboda haka ku auna da tef ɗin tela, ta ciki, domin kaurin ɗinki yana sa awon waje ya ɗara na ciki. Sannan ku faɗa a fili: wannan awon na kafin wanki ne ko na bayansa.

Shi ma mai saye ku koya masa awon kansa. Ya zagaya tef ta tsakiyar goshi, ya bi saman kunnuwa, ya haɗe a ƙeya, daidai inda hularsa ke zama, ba tare da ya ɗaure sosai ba. Ku tambaye shi ko da suma ya auna ko bayan aski. Ku kuma ambaci tsayin hular daga baki zuwa inda aka haɗa samanta, saboda masu son doguwa da za su karya gabanta daban, masu son gajera daban, hoto kuwa ba ya nuna wannan.

Ga misali. Wani bawan Allah a Maraɗi yana son zanna bukar guda shida iri ɗaya ta abokan ango. A Nijar da santimita ake awo, sai ya ce kansa 57 ne. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, idan aka raba 57 da shi za a sami 22 da ɗan abin da bai kai rabi ba, ke nan 22 da rabi ce tasa. Wanda ya ce 56, lamba 22 zai sa. Mai 58 da rabi kuma 23. Kowane aboki a karɓi nasa awon, kada a ce ai duk samari ne. Bayan haka amsar da ta dace ta yi kama da wannan: "Alhaji, aikin hannu ne, zaren siliki a kan farin yadi, ƙasanta ruwan toka, zanen baƙi da ruwan madara. Tsayi inci huɗu, an auna bayan wanki. Mutum uku ne suka ɗinka shidan, don haka zane ɗaya ne amma hannu ya bambanta: biyu ɗinkinsu ya fi matsewa, ɗaya kuma ruwan tokarta ya ɗan fi duhu saboda zaren ba sari ɗaya ba ne. Ga hotonsu a jere, na sa wa kowace lamba." Wanda aka yi wa wannan bayani, idan ya buɗe leda ba shi da abin cewa.

Na daɗe a kan wannan misali ne saboda kalmar "ai aikin hannu ne" ta zama mafakar wasunku. Gaskiya ne hannu biyu ba sa ja zare daidai, ko mutum ɗaya ma ɗinkinsa na safe da na dare yakan bambanta a hular da ta ɗauki makonni. Ɗan karkacewar layi, ko wani gida na zane ya fi ɗan'uwansa da kaurin zare ɗaya, wannan halin sana'ar ne, masu sanin hula ma shi suke nema. Aibi kuwa daban yake. Idan zane bai haɗu ba a inda aka rufe kewayen, ko saman hula ya zauna a karkace, ko an tsallake wuri har yadi yana leƙowa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi, wannan kuskure ne, a faɗe shi kuma a rage kuɗi. Haka zaren da ke zuba. Gwajinsa ba wuya: a jiƙa farin ƙyalle a goga a wurin da ya fi duhu, ja ko baƙi, idan ya kama launi to wankin farko zai ɓata farin wurin.

Batun hoto gajere ne. Hasken ƙwan lantarki yana mayar da ruwan madara ruwan ƙwai, tsakar rana kuma tana kashe launi. A ɗauka a inuwa da hantsi, a ajiye farar shadda a gefe don ido ya sami ma'auni, a ɗauki gefe da sama da ciki. Hoton ciki yana da amfani ƙwarai, domin a nan ake ganin ƙulli da wutsiyar zare na aikin hannu, wanda na inji ba ya yin haka. Kada kuma a tura hoton wata hula a ce "irin wannan ce" alhali wadda za a aika daban take.

Akwai kuma sunan gari. Tun da rikici ya tarwatsa mutanen Bama a 2014, da yawa daga masu ɗinkinta suka ci gaba da aikinsu a Maiduguri, sunan kuma ya zama na salo, kowa yana kiran hajarsa da shi. Idan salon Bama ne aka ɗinka a Kano ko Zariya, ku ce haka. Babu kunya a ciki, kuma haƙƙin waɗancan matan da samarin ne kada a ci kasuwa da sunansu a kan aikin da ba nasu ba.

Roƙona gare ku, musamman shugabannin 'yan hula: ku sa yaranku na shago su ajiye tef kusa da waya, kada a tura farashi sai an tura awo tare da shi. Wassalamu alaikum.

Naku,
ɗan'uwanku mai sayen hula.