Kada ku tura wa ɗalibi mai kewar gida waƙar kuka



Da zarar ɗalibi ya tafi karatu ƙasar waje ya ce kewar gida ta dame shi, sai ka ga an yi ta tura masa waƙoƙin begen mahaifiya da na rabuwa, masu sanyin sauti. A ganina wannan fama masa miki ne kawai.

Mu ɗauki yaron da ya bar Kano karon farko ya sauka Malesiya. Sun riga mu da awa 7. Lokacin da Hajiya ta idar da sallar isha ta samu sukunin hira, ƙarfe 9 na dare, shi a can ƙarfe 4 na asuba ne. Lokacin da shi kuma ya kwanta, ƙarfe 11, a gida la'asar ce, kowa na hidimarsa, kira ba ya wuce minti biyu. To a wannan kaɗaicin ne zai kunna waƙar da ke tuna masa cewa uwa ta yi nisa. Me kuke zaton zai biyo baya?

Akwai bambanci tsakanin waƙar da ke magana a kan gida da waƙar da aka saba ji a gida. Ta farko tana nuna maka abin da ka rasa, ta biyu kuwa tana kawo maka gidan har ɗakinka. Kalangun Shata da Baba ke saurara a rediyo da hantsi, kuntigin Ɗan Maraya Jos a shagon tela, kiɗan ƙwaryar Barmani Choge ranar biki: ba don matafiyi aka yi su ba, amma su ne sautin tsakar gida. Saboda haka kafin ka tura, tambayi kanka me ake kunnawa a gidansu, ko a motar da ke kai shi makaranta.

Wani zai ce ai kuka ma magani ne. Haka ne, ban musa ba. Amma a yi shi da rana, cikin 'yan uwa ɗalibai, an tuƙa tuwo ko da na semo ne, ana ji ana tsokanar juna. Ba mutum shi kaɗai cikin bargo ba.

Kai kuma ɗalibi, ga ma'auni mai sauƙi. Idan waƙa ta ƙare ka tashi ka ɗora girki ko ka buɗe littafi, riƙe ta. Idan kuwa ka maimaita ta sau biyar, ka koma duba kuɗin tikitin jirgi, ka makara lacca da safe, ajiye ta sai ranar hutu. In abin ya kai ba ci ba barci har makonni, ya wuce na waƙa, ka nemi wanda za ka faɗa wa.

Allah ya dawo mana da su lafiya, da ilimi mai albarka.