Ra'ayinmu: Kafin ka biya kuɗin tsohon babur, ka yi lissafi

Daga Briqueterie ta Yaoundé har zuwa Garwa, cinikin tsohon babur ya fi ƙarewa da magana ɗaya: mai sayarwa ya nuna mita, ya ce "duba, bai yi tafiya ba", dillali ya gyaɗa kai, a ce Allah ya sa albarka. Bayan wata guda matashin da ya ci bashi don ya shiga kabu-kabu yana zaune wurin bakanike. Mu dai matsayinmu shi ne, shekaru da mita da'awa ce kawai. Jikin babur ɗin ne shaida, kuma shi ya kamata ya yanke farashi.

A fara da kuɗin sabo na irin wannan samfurin a kasuwa yau, ba kuɗin da mai shi ya ce ya saya ba. Mu ɗauka sabon ya kai sefa dubu 600, wanda ake tayawa kuma shekararsa 3. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne a cire kashi ɗaya cikin huɗu na shekarar farko, sannan kashi ɗaya cikin goma na abin da ya rage a kowace shekara. Dubu 600 ta koma 450, ta koma 405, ta tsaya wajen 365. Wannan ba doka ba ce, wurin fara ciniki ne, kuma na babur mai lafiya ne wanda aka hau da sauƙi.

Sai mita. Ma'aikacin da ke yin kilomita 20 a rana, kwana shida a mako, zai tara kusan dubu 6 a shekara, wato wajen dubu 18 a shekara uku. Ɗan kabu-kabu mai yin kilomita 100 a rana kuwa zai haura dubu 90 a wannan lokacin. Babura biyu, shekaru ɗaya, amma wahala ba ɗaya ba. Matsalar ita ce a yawancin ƙananan babura waya ce daga ƙafar gaba ke juya mita. In aka zare ta, lamba ta tsaya cak, babur na ta aiki. Don haka in mita ta ce dubu 18, amma robar wurin taka ƙafa ta cinye, ta hannu ta yi sulɓi, kujera ta lotsa har ta baya, to malam, na haya ne. Cire masa kashi ɗaya cikin biyar, ya sauko wajen dubu 290.

Yanzu a zo ga inji. Ka je da safe, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa yana nufin baƙin mai na ƙonewa, galibi ringi ko fistin sun gaji. Ja sarƙa daga bayan haƙoran ƙafar baya. In ta ɗago har kana ganin rabin haƙori, ita da haƙoran duka na canji ne. Bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, shi zai faɗi kuɗin gyara. A ce ringi da fistin dubu 25, sarƙa da haƙoranta dubu 12, tayar baya dubu 13. Dubu 50 ke nan, farashin gaskiya ya zama wajen dubu 240. Wanda ya biya 365 saboda sabon fenti ya yi asarar sama da dubu 100.

Akwai abu biyu da ragi ba ya gyarawa. Shasin da aka yi wa walda a wuya bayan haɗari, da lambar shasi da ba ta dace da ta kat giris ba. Ko kyauta aka ce, ka bar shi.

Ga masu sayarwa da dillalai kuma, a fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Zare wayar mita algus ne, ko da kowa na yi. La'adar da aka ci a kan haka, haƙƙin wani ne. Ka faɗi cewa babur ya yi haya, ka faɗi abin da ke damunsa, sannan ka tsaya kan kuɗinka. Mai saye kuma in ya tarar da babur mai lafiya, da takardu cikakku, kada ya karya wa ɗan'uwansa farashi don ya ga yana cikin matsi.