Waiwaye: Yaushe Tafkin Maga Ya Fi Cika?

A shekarun da na yi ina koyar da lissafi a sakandare a arewacin Kamaru, tambayar fonksiyon salo ɗaya gare ta. A ba yaro f(x), a ce ya nemo inda take aiki, ya fitar da deribe, ya daidaita ta da sifili, ya cika teburin hawa da sauka, ya zana. Duk wanda ya bi tsofaffin takardun Probatoire ya haddace wannan jeri, kuma zai kwashe maki ko da bai san abin da layin da ya zana yake faɗa ba.

Da tsarin APC ya shigo makarantun sakandare a shekarun 2010, aka raba takardar lissafi gida biyu, aka ware wa labari daga rayuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makin manyan ajujuwa. Niyyar mai kyau ce, sai dai yawancin abin da na gani tsohuwar tambaya ce da sabuwar riga. A kawo manomi da gonarsa a layi goma na Faransanci, daga ƙarshe a ce a nemo inda f ta fi girma. Yaro ya tsallake labarin, ya yi deribe, ya ci. Wanda kuma Musgum ko Fillanci ne harshen gidansu, ya ɓata lokacinsa yana fama da labarin da ba ya cikin lissafin.

Tambayar da ta fi yi mini aiki daga tafkin Maga na samo ta. An yi madatsar a 1979 domin ba gonakin shinkafar SEMRY ruwa, kuma kowane yaro a garin ya ga tafkin yana cika yana janyewa. Na ƙirƙiro lissafi mai sauƙi na aji: t shi ne watanni daga farkon Yuli, daga 0 zuwa 6, sannan r(t) = t(4 − t) ita ce saurin canjin ruwan, wato mai shigowa a debe mai fita. Tambayar layi ɗaya ce: yaushe tafkin ya fi cika?

Mai hadda da ya ga "ya fi" sai hannunsa ya tafi deribe. Ya sami 4 − 2t = 0, ya rubuta t = 2, farkon Satumba. Lissafinsa babu kuskure ko ɗaya, amma wata tambayar ya amsa, domin a t = 2 saurin cikar ne ya kai ƙololuwa. Ruwan kuwa yana ci gaba da ƙaruwa muddin r tana sama da sifili, kuma ba ta sauko sifili sai t = 4. Daga nan ne ta koma ƙasa, tafkin ya fara janyewa. Amsar ita ce farkon Nuwamba. Mai cika tulu a famfo ya san haka: ko an rage ƙarfin famfon, tulun cika yake yi har sai an rufe.

Nakan ƙara tambaya ta biyu don kama mai dace: a t = 3, ruwan ƙaruwa yake ko raguwa, kuma don me? A nan r(3) = 3. Ta sauko daga 4, amma har yanzu tana sama da sifili, saboda haka tafkin yana cika a hankali. Wanda ya ce raguwa yake ya nuna mini daidai inda ya ruɗe, ya ɗauki saurin abu a matsayin abun kansa. Wannan ne ma'aunina na tambaya mai kyau: tun kafin in raba takarda in san amsar kuskuren da za ta fito, in kuma san wace irin fahimta ce ta haife ta. Idan hanyar hadda da hanyar tunani duk amsa ɗaya suke bayarwa, tambayar ba ta rarrabe kowa.

Wahalar tana wurin duba takardu. Idan aka ɗora makin a kan layukan lissafi, mai t = 2 zai fi wanda ya rubuta jimla biyu daidai, tunda shafinsa ya fi cika. Ni a cikin maki uku, ɗaya nake ba amsa, biyu na dalili, kuma ina karɓar dalilin ko a zane ya zo, ko a teburin alama, ko a gurguwar Faransanci. Irin wannan tambaya kuma ba ta jure maimaici. Idan ta yi shekara biyu a jere, ɗaliban da ke tafe sun riga sun ji cewa amsar tafki huɗu ce, dole malam ya juya ta: ya ba da zanen tsayin ruwan, ya tambayi watan da ya fi saurin hawa.