Waya Ɗaya, Alƙali Ɗaya

Wani dare bayan isha'i na zauna gefen fadar yaran unguwarmu a Maraɗi. Su takwas ne, shayi na kan gawayi, waya ɗaya na yawo hannu zuwa hannu suna wasan kacici-kacici. Tambaya ta fito da Faransanci, amsoshi huɗu a ƙasanta, daƙiƙoƙi na gudu. Ɗan kwalej ɗin cikinsu ya lashe zagaye uku a jere. Wani yaro mai koyon kanikanci kuwa, duk lokacin da wayar ta iso gare shi, kafin ya haɗa baƙaƙen lokaci ya ƙare. A zagaye na huɗu ya ce shi dafa shayi zai yi.

A ganina wannan wasan saurin karatun Faransanci kawai yake aunawa. Shi ya sa nake roƙon malamai da iyaye, maimakon hana yara, mu gyara musu tsarin: wayar ta daina yawo. Mutum ɗaya ya riƙe ta a matsayin alƙali, ya karanta tambaya, ya fassara da Hausa, sauran su rabu gida biyu su yi shawara. In wasan ba ya bari a tsayar da agogo, alƙali ya rubuta tambayoyi goma a wayar tun da rana.

Sannan kada ya fara da karanto amsoshin nan huɗu. Mai canke, ko bai san komai ba, zai dace da kusan ɗaya cikin huɗu, wato biyar a tambaya ashirin. Sai a ce wanda ya amsa da ka yana da maki biyu, wanda ya nemi a karanto masa zaɓi maki ɗaya. In kuka ji yaro na amsawa kafin a ƙare tambaya, tambayoyin sun fara maimaituwa, lokacin canja su ya yi.

Washegari muka gwada. Na tambayi garin da yake babban birnin Nijar kafin a mayar Yamai a 1926, suka ce Damagaram. Na tambayi garin da aka fara kokowar takobi a 1975, ɗan kanikancin nan ya ce Tawa tun ɗan kwalej bai buɗe baki ba. Gardama ta tashi ne a kan shekarar ƴancin kai: gida ɗaya ya ce 1958, ɗaya ya ce 1960. Da waya ce, da ta nuna ja ta wuce. Mu kuwa sai da muka tsaya aka bambance 18 ga Disamba 1958, ranar kafa Jamhuriya, da 3 ga Agusta 1960, ranar ƴancin kai.

Za a ce alƙali ba ya wasa, an cuce shi. Gaskiya ne, don haka a riƙa sauya shi kowane zagaye cikin masu iya karatu. A fadar nan sun ƙara da cewa kofin farko na shayi nasa ne.